Ƙasaru da haɗa salla: yaushe mutum yake zama matafiyi, yaushe kuma tafiyar take yankewa?

Wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Abuja don bitar kwana uku, raka'a nawa zai yi azahar a masaukinsa? In an ƙara musu kwana ɗaya fa? Matar da ta kai mahaifiyarta asibiti Sakkwato ba ta san ranar sallama ba, ita ma ƙasaru za ta yi ta yi? Ɗalibin da ya zo daga Zuru yake karatu a Aliero wata huɗu fa? Duk lokacin da aka shiga kakar tafiye-tafiye, ko hutun salla ko komawa makaranta ko tashin maniyyata, sai wannan muhawara ta dawo sabuwa fil, kowa da abin da ya ji daga malaminsa, har ka ga mutum biyu da suka shigo mota ɗaya ɗaya ya yi biyu ɗaya ya yi huɗu kuma kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon wanda sallarsa ba ta yi ba.

A ganina tushen rikicin guda ne. Mutane sun ɗauka ƙasaru da haɗa salla abu ɗaya ne, da ka taka mota shike nan an ba ka su duka har ranar da ka dawo gida. Alhali hukunci biyu ne daban, kowanne da sharaɗinsa, kowanne da inda yake farawa da inda yake tsayawa. Zan bi maganar a kan mazhabar Malikiyya tunda ita muka tashi muka tarar ana karantarwa a zaurukanmu, in na zo inda sauran malamai suka saɓa zan faɗa.

Mene ne ƙasaru, mene ne haɗawa

Ƙasaru shi ne mayar da salla mai raka'a huɗu ta koma biyu. Salloli uku kaɗai ya shafa, azahar da la'asar da isha'i. Magariba tana nan ukunta, asuba tana nan biyunta, ba a taɓa su. Asalinsa aya ta 101 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce in kun yi tafiya a bayan ƙasa babu laifi a kanku ku rage salla in kuna tsoron kafirai su fitine ku. Wani sahabi, Ya'ala ɗan Umayya, ya tambayi Sayyidina Umar, to ai yanzu an samu aminci, me ya sa ake ci gaba? Umar ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai har ya tambayi Annabi (SAW), sai ya ce masa sadaka ce Allah Ya yi muku, ku karɓi sadakarSa. Hadisin yana cikin Muslim. Don haka ba sai da tsoro ba, ba kuma sai an wahala ba. A Malikiyya ƙasaru sunna ce mai ƙarfi, a wurin Hanafiyya ma wajibi ne. Masu cewa "ni ban gaji ba gara in cika" su sani barin sunna suke yi, ba ƙarin lada ba.

Haɗawa kuwa lokaci ta shafa, ba adadin raka'a ba. Ka yi azahar da la'asar a lokacin ɗaya daga cikinsu, ko magariba da isha'i. Ba a haɗa la'asar da magariba, ba a haɗa asuba da komai. Ita rangwame ce kawai don hanya, in ka samu damar yin kowace salla a lokacinta hakan ya fi. Shi ya sa za ka iya yin ƙasaru ba ka haɗa ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi a Mina, kuma a Malikiyya za ka iya haɗawa ba ka yi ƙasaru ba, don sun yarda a haɗa a tafiyar tudu ko da ba ta kai nisan ƙasaru ba.

Nisa nawa ake nufi

Littafin Risala ya yanke magana, buridi huɗu, wato mil 48. Malam Maliku ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ibn Abbas yana ƙasaru a irin nisan da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa, da Makka da Usfan, da Makka da Jidda, ya ce wannan buridi huɗu ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya ma a nan suke. In aka mayar da shi ma'aunin yau malamai sun ɗan bambanta saboda mil ɗin da ba irin na yanzu ba ne, amma lissafin yana yawo ne tsakanin kilomita 80 zuwa kusan 90.

Mu auna da hanyoyinmu. Daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo ko Jega ko Argungu bai kai ba. Zuwa Sakkwato, Yawuri, Zuru, Kontagora, duk sun zarce nesa ba kusa ba. Kuma zuwa kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa da dawowa. Wanda ya ce Argungu zuwa da dawowa ai ya haura kilomita ɗari, wannan lissafin bai shiga ba. Saurin abin hawa shi ma bai canza komai, wanda ya hau jirgi ya sauka Abuja cikin kamar awa ɗaya matafiyi ne daidai da wanda ya wuni a mota.

Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne sai ka yi niyyar cin wannan nisan tun daga fitowa. Ɗauki mai sayen albasa da ya fito da niyyar Jega kawai, ya je bai samu kaya ba aka ce masa gwada Aliero, ya je can farashi bai yi masa ba ya ce bari in leƙa gaba, a haka a haka har ya yi nisa sosai. Wannan duk tafiyar da ya yi huɗu-huɗu zai yi, don babu wani zango a ciki da ya nufi nisan ƙasaru. Amma in ya juyo zai dawo gida kai tsaye kuma nisan dawowar ya cika, to a dawowa zai yi ƙasaru. Haka makiyayin da ke bin ciyawa bai san inda zai tsaya ba, littattafan fiƙihu sun ambace shi da sunansa, ba ya ƙasaru sai in ya san tabbas ba zai samu abin da yake nema ba kafin ya cinye wannan nisan. Sannan tafiyar kada ta zama ta saɓon Allah. Wanda ya fita don fashi ko satar shanu ba shi da rabo a wannan sadaka.

Akwai malaman da ba su yarda da iyakance nisa ba, irin su Ibn Taimiyya, suka ce duk abin da mutane ke kira tafiya a al'adarsu tafiya ce, tunda babu hadisi ingantacce daga bakin Annabi (SAW) da ya sa adadi. Hujjarsu tana da ƙarfi, ba na raina ta. Matsalar da nake gani wajen aiki da ita ce, don in ka tambayi mutum goma a tasha ko zuwa Argungu tafiya ce za ka ji amsa iri-iri. Adadin kilomita kuwa kowa zai iya dubawa a wayarsa ya huta.

Daga ina ake farawa

Niyya kaɗai ba ta mayar da kai matafiyi, ɗaure kaya ma haka. Sai ka wuce gidajen garinku sun koma bayanka, har da lambunan da ke manne da gari waɗanda ake zama a cikinsu. Anas ya ce ya yi azahar tare da Annabi (SAW) a Madina raka'a huɗu, ya yi la'asar a Zul Hulaifa raka'a biyu, a rana ɗaya ke nan kuma tafiyar Makka aka nufa.

To wanda ke zaune a tasha cikin gari yana jiran mota ta cika, ya biya kuɗi an ɗaure jakarsa a but, aka kira azahar, huɗu zai yi. Bai kuma da damar jawo la'asar da sunan tafiya tunda tafiyar ba ta fara ba. Amma ga wani sauƙi da mutane da yawa ba su sani ba. In azahar ta shiga kana tasha ba ka samu yi ba mota ta tashi, kuka fita gari kuka tsaya a Jega lokaci bai fita ba, biyu za ka yi ko da yake nisan da ka ci bai kai ko rabi ba, don abin dubawa shi ne halin da kake ciki lokacin yin sallar, kuma ka riga ka fita da niyyar tafiya mai nisa. A dawowa ma haka abin yake ta ɗaya gefen, kana ƙasaru har sai ka iso gidajen gari ko dab da su, in ka shigo gida da sauran lokacin la'asar ba ka yi ta a hanya ba to huɗu ta hau kanka.

Lissafin kwana huɗu

Nan ne maganar ta fi kauri, bari in zauna a kanta da misali guda.

A ce Malam Bello, sunan misali ne kawai, ma'aikaci a Birnin Kebbi, an tura shi bita Abuja. Ya tashi ranar Litinin da safe ya isa da dare, bita Talata da Laraba da Alhamis, zai kamo hanya Juma'a bayan asuba. In ka tambaye shi zai ce maka kwana huɗu zan yi, kuma gaskiya ne a lissafinmu na Hausa tunda dare huɗu zai kwana a can. Amma fiƙihu ba dare yake ƙirgawa ba. Abin da ke yanke tafiya shi ne niyyar zaman wuni huɗu cikakku, ranar da ka shiga gari bayan alfijir ya keto ba ta cikin lissafi, ranar fita ma ba ta ciki. Don haka Malam Bello yana da Talata, Laraba, Alhamis, uku ke nan. Matafiyi ne tun daga fitarsa gari har dawowarsa, azahar biyu la'asar biyu isha'i biyu.

Yanzu a ce tun a takardar gayyata an rubuta bitar har Juma'a ce, zai taso Asabar. Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, huɗu sun cika. A hanyar zuwa zai yi ƙasaru, amma da ya shiga Abuja ya zama mazauni tun daga sallar farko. Ba wai zai yi ƙasaru na kwana uku sannan ya fara cikawa a na huɗu ba. Wannan kuskuren ya yaɗu ƙwarai, za ka ji mutum ya ce ai kwana uku aka ba matafiyi, sai ya je garin da zai yi wata guda ya yi biyu-biyu na kwana uku sannan ya koma huɗu. A Malikiyya ba haka ba ne. Niyyar ce take yankewa, kuma tana yankewa ne tun ranar isowa.

Sai hali na uku. Ya zo da niyyar tasowa Juma'a, ranar Alhamis aka ce an ƙara kwana ɗaya ko biyu. Nan zai ci gaba da ƙasarunsa, don babu lokacin da ya ƙulla niyyar zaman wuni huɗu cikakku a gabansa. In kuwa aka ce an ƙara mako guda, daga wannan lokacin ya fara cikawa, sallolin da ya yi a baya kuma sun yi, babu ramuwa.

Risala ta ce kwana huɗu ko abin da zai sallaci salla ashirin a cikinsa, kuma wani lokacin lissafin biyu suna rabuwa. Da Malam Bello jirgi ya hau ya isa Litinin kafin azahar, to ƙirga: Litinin salla huɗu, Talata zuwa Alhamis sha biyar, asubar Juma'a ɗaya, ashirin cif. Wuni cikakku kuwa uku ne. A maganar Ibnul Ƙasim almajirin Malam Maliku, wadda ita ce ta shahara a mazhaba, yana nan matafiyi. A maganar Sahnun, shi ma babban malamin Malikiyya da ke ƙirga salloli, zai cika. Wanda ya faɗa irin wannan tsakanin kowanne ya bi yana da malami a gabansa, bai kamata a tayar masa da hankali ba.

Daga ina aka samo huɗun? Babbar hujjar ita ce Annabi (SAW) ya yi wa Muhajirai izinin zaman kwana uku kacal a Makka bayan gama aikin hajji, alhali an hana su komawa zama a cikinta, sai malamai suka fahimci uku ba zama ba ne, abin da ya haura shi ne zama. Shafi'iyya suna tare da mu a nan, Hanbaliyya sun ce abin da ya wuce kwana huɗu, Hanafiyya kuma suka kai shi kwana 15.

Wanda bai san ranar komawa ba

Masu cewa babu iyakar kwanaki suna kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya zauna Makka kwana 19 a shekarar da aka buɗe ta yana ƙasaru, ya yi kwana 20 a Tabuka yana ƙasaru, Ibn Umar kuma ya yi wata shida a Azarbaijan ƙanƙara ta tare hanya yana yin biyu-biyu. Jamhurun malamai ba su musa waɗannan ba, cewa suka yi duk zama ne na wanda bai yanke ranar tashi ba, yaƙi ne ko jiran hanya ta buɗe, kullum ana sa ran gobe ko jibi.

Kuma wannan hukuncin yana nan a Malikiyya. Wanda ya je Sakkwato bin kuɗinsa ana ce masa dawo gobe, dawo jibi, ko direban tirela da ke jiran lodi bai san ranar da za a sallame shi ba, zai yi ta ƙasaru ko da ya share wata. Sai dai akwai ƙaidi a Mukhtasar na Khalil da ya kamata mai jinya ya riƙe: sanin cewa bisa al'ada za ka kai kwana huɗu daidai yake da niyya. In likita ya ce za a yi wa Inna aiki kuma irin wannan aikin ba a sallama kafin mako biyu, ba za ki ce ai ni ban yi niyyar zama ba, kin riga kin sani, sai ki cika. In kuwa gwaji ake ta yi ana cewa wataƙila gobe a sallame ku, kina nan a matafiyiya.

Da wannan ma'aunin ɗalibin Aliero ko Kalgo da ya zo zangon karatu mazauni ne, ɗan bautar ƙasa da zai yi mako uku a sansanin Dakingari mazauni ne, maniyyacin da ya san zai yi kwanaki masu yawa a Makka kafin fita Mina shi ma haka. Na san a malaman wannan zamani akwai irin su Ibn Usaimin da suka tafi a kan cewa babu iyaka matuƙar mutum bai mayar da garin wurin zamansa ba, Ibn Baz kuma ya tsaya a kan kwana huɗu. Wanda ya bi waccan fatawa da ilimi ban ce sallarsa ta ɓaci ba. Amma ni hankalina bai kwanta da a ce yaro ya kama ɗaki ya sayi katifa da risho ya shekara huɗu a gari yana azahar biyu ba, kuma in ya cika babu malami ɗaya daga mazhabobin nan huɗu da zai ce masa sake.

Mai gida biyu

Shiga garinka yana yanke tafiya ko da wucewa kawai za ka yi, ko da awa ɗaya ce. Haka garin da matarka take, wadda ta riga ta tare. Wannan ya shafi mutanenmu da yawa, ma'aikacin da iyalinsa ke Yawuri shi yana aiki Birnin Kebbi yana zuwa duk ƙarshen mako. A kan hanya matafiyi ne. Da ya shiga Yawuri zai cika ko kwana ɗaya zai yi. In ya dawo Birnin Kebbi inda ya kama ɗaki yake zaune don aiki nan ma zai cika. Mai mata biyu a gari biyu shi ma haka, ƙasarunsa a tsakanin garuruwan ne kawai in nisan ya kai.

Garin da 'yan'uwa kawai kake da su, ko yaya ko kawu ko surukai, bai yanke maka tafiya, kwanakin da ka yi niyya za ka duba. Garin haihuwa da mutum ya tashi daga cikinsa gaba ɗaya ya koma wani wuri da zama shi ma ba lallai ya yanke ba, ai Makka ce mahaifar Annabi (SAW) kuma da ya dawo cikinta ƙasaru ya yi. Direban haya da kullum yana kan titin Sakkwato kuwa yawan tafiyar bai cire shi daga rangwamen ba, yana ƙasaru a hanya da can inda ya sauke fasinja, in ya shigo gida ya cika.

Yadda ake haɗawa a hanya

Mu koma ranar Litinin ɗin Malam Bello. Mota ta tashi da safe ta bi Jega, Koko, Yawuri, aka tsaya cin abinci a Kontagora wajen ƙarfe biyu. Direba ya ce Alhazai kowa ya yi abin da zai yi a nan, in na tashi ba na ƙara tsayawa, so nake in wuce dajin nan da sauran haske. Kowa ya san dalili a halin da hanyoyinmu ke ciki, ba wanda zai yi masa gardama.

Ƙa'idar ita ce ka dubi inda rana ta gushe maka da kuma lokacin da kake sa ran tsayawa na gaba. A nan lokacin azahar ya same shi a ƙasa kuma ba za a sake tsayawa ba sai bayan faɗuwar rana, to sai ya jawo la'asar. Ya yi niyyar haɗawa tun a sallar farko, ya tada iƙama ya yi azahar biyu ya sallame, ya sake iƙama ya yi la'asar biyu, ba nafila a tsakani ba zuwa sayen tsire a dawo. Da direban cewa ya yi za mu tsaya gaba wajen ƙarfe huɗu, to azahar kaɗai zai yi, la'asar ta jira lokacinta tunda zai same ta.

In kuma rana ta gushe yana cikin mota tana gudu, za a tsaya kafin rana ta yi fatsi-fatsi, sai ya jinkirta azahar da niyya ya haɗa ta da la'asar in an sauka. Wannan shi ne abin da Anas ya ruwaito, in Annabi (SAW) ya tashi kafin rana ta gushe yakan jinkirta azahar zuwa lokacin la'asar ya sauka ya haɗa su. Magariba da isha'i ma haka, rana ta faɗi suna cikin mota za su isa wajen tara na dare, in ya sauka ya yi magariba uku ya bi ta da isha'i biyu. Abin da babu shi sam shi ne a tara azahar da la'asar da magariba da isha'i a ce sai an isa masauki a zuba su gaba ɗaya. Wannan ba haɗawa ba ce, fitar da salla daga lokacinta ne, kuma ana yinsa sosai musamman mata da ke jin nauyin ce wa direba ya tsaya. Fasinjoji maza ya kamata su riƙa yin maganar tun a tsayawar farko.

Bayan ya isa otal fa? A Malikiyya haɗawa ta hanya ce, wanda ya sauka ya natsu zai yi ƙasaru amma kowace salla a lokacinta. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ba shi dama ya haɗa matuƙar sunansa matafiyi, suna kafa hujja da hadisin Mu'azu na Tabuka inda aka haɗa ana zaune a sansani. Hanafiyya kuwa ba su yarda da haɗawa ba sam sai a Arfa da Muzdalifa. Wanda zaman bita ya riƙe shi daga azahar har kusan magariba yana da mafita a maganar Shafi'iyya. Wanda ke kwance a ɗaki yana kallon talabijin masallaci na kiran salla a bayan tagarsa, ban ga abin da zai sa ya haɗa ba.

Bayan limamin gari

A masallatan bakin hanya ake ganin wannan. An tada la'asar limamin unguwa ne a gaba, wani saurayi da ya sauko daga mota ya bi sahu, da aka yi zaman tahiya na farko liman ya miƙe shi kuma ya yi sallama ya ɗauki takalmansa. Bayan an idar wani dattijo ya same shi a bakin mota ya ce, "Ɗana, mi ya hana ka cika?" Ya ce, "Baba ai ni matafiyi ne." Dattijon ya ce, "Matafiyi kake, amma liman ka bi, in ka bi shi sai ka kai inda ya kai. Koma ka sake ta."

Dattijon ya yi daidai. Matafiyin da ya bi mazauni ya samu ko raka'a ɗaya tare da shi to huɗu zai yi, a kan haka mazhabobin huɗu suke. Ko da a raka'a ta uku ya shigo ya samu biyun ƙarshe, ba zai sallame tare da liman ya ce ai biyuna sun cika ba, zai tashi ya kawo biyun da suka wuce shi. Malikiyya ma suna ganin bin mazauni makaruhi ne ga matafiyi don yana sa shi barin sunnar ƙasaru, shi ya sa in kuna da yawa a mota ya fi ku yi jam'inku ɗayanku ya ja.

In matafiyi ne ya ja mazauna, zai yi biyunsa ya sallame su kuma su tashi kowa ya cika nasa. Sayyidina Umar in ya ja salla a Makka yakan juyo ya ce ya mutanen Makka ku cika sallarku mu matafiya ne. Ya fi kyau liman ya sanar tun kafin kabbara, don in ba haka ba rabin sahu za su sallame tare da shi.

Saura ramuwa. Sallar da ta kuɓuce maka a tafiya har lokacinta ya fita, biyu za ka rama ta ko da ka dawo gida, wadda kuma ta kuɓuce maka a gida ka tuna da ita a hanya huɗu za ka rama, haka yake a Ahalari. Wutiri da raka'o'i biyu na alfijir ba a barinsu a tafiya. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, in ya halarta ta isar masa, in mota ba ta tsaya ba sai ya yi azahar raka'a biyu.